Ƙugi da fito a tsohuwar rediyo: inda masu koyon gyara suke yin kuskure

An kawo wa wani matashin mai gyara tsohuwar rediyo mai bawul, wato kwalaben gilashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Da an kunna sai ƙugi, in an ƙara murya kuma ta kama fito. Nan take ya cire manyan kafasito biyu na sashen wuta ya sa sababbi. Ƙugin ya ragu, amma bai tafi ba.

Kuskuren farko ke nan, sauya kaya kafin a saurara. Inda wutar gida take 50 Hz, kafasitan da ya bushe yakan ba da ƙugin 100 Hz idan rektifaya, wato mai mayar da wutar AC zuwa DC, mai cikakken zagaye ce. Na 50 Hz ya fi kauri, galibi daga wayar hitar bawul ko taransifoma yake shigowa. Maigidansa ya ce, "Rage muryar gaba ɗaya mu ji." Ƙugin bai gushe ba, wato matsalar tana daga maɓallin murya zuwa gaba, babu ruwan eriya.

Na biyu shi ne babba. Yaron ya ɗauka duk inda ya taɓa a farantin ƙarfen rediyon at ne, wato mahaɗar da wuta take komawa ta cikinta, ko'ina bolt sifili. Don haka ya ɗaura ƙafar sabon kafasita a kan wata ƙusa mai tsatsa, wadda at ɗin maɓallin murya ma a kanta yake. Kafasitan farko ba a hankali yake cika ba, fizgar wuta yake yi. A ce fizgar ta kai amfiya 0.3, tsatsar kuma om 0.1, to milibolt 30 ke nan a kan ƙusar. Bawul ɗin farko ba ya bambance wannan da muryar mai labarai, haɗa su yake ya ƙara musu ƙarfi.

"Maigida, ai mita ta nuna a haɗe suke."

"A haɗe suke, amma hanya ɗaya suke bi. Raba musu."

Ya kai ƙafar kafasitan kai tsaye ga wayar tsakiya ta taransifoma, ya tara at ɗin sashen murya wuri guda, ya haɗa da farantin a wuri ɗaya da ya kankare. Ƙugi ya mutu. Kafin ya sa hannu sai da ya sauke cajin kafasitan ta resista, domin bolt 250 zuwa 300 kan iya zama a ciki bayan an kashe.

Fiton kuwa, tun can an kwantar da wayar da ke zuwa taransifoman sifika kusa da ta shigar murya, sai sautin da ya fita yake komawa ciki. Da ya ture ta da tsinken roba, fiton ya sauya murya. Ya nisanta su, ya sa wa ta shigarwa waya mai garkuwa, garkuwar a haɗe da at ta gefe ɗaya.

Wasu sukan yanke wayar at ta filogi don ƙugi ya tafi. Kada a yi, ita ce take hana farantin kashe mutum idan wuta ta zubo masa.