Kurakuran da ake yi in aure ya daɗe ya koma zaman sabo

Akwai gidajen da ba a faɗa, ba a yaji, abinci bai yanke ba, amma miji da mata sun koma kamar abokan haya. Ka saurari abin da suke faɗa wa juna daga safe zuwa dare: kuɗin cefane, gas ya ƙare, an koro yaro saboda kuɗin makaranta, ranar Asabar akwai bikin 'yar wance. Duk maganar hidima ce. Soyayyar tana nan, wurin zama ne ta rasa a cikin yinin, kuma yawancin gyaran da mutane ke yi ba ya taɓa wannan matsalar.

Kuskuren farko, wanda ya fi kowanne girma, shi ne jiran lokaci ya samu da kansa. A ɗauki misalin magidanci mai shago a Kantin Kwari, shekara 17 da aure, 'ya'ya biyar. Yana fita bayan ya sauke yara a makaranta, ya dawo gab da magariba, ya ci tuwo yana duba waya, bayan isha ya wuce majalisa. Kafin ya shigo ƙarfe 11 uwargida ta yi barci, auta na kwance a gefenta. In ka tambaye shi zai ce ai kullum suna tare, alhali in aka lissafa mintunan da suka zauna su biyu ba yaro ba waya, sai a yi mako ba a haɗa rabin awa ba.

Gyaran ba ya bukatar ya bar majalisa, domin wanda aka ce ya bar ta gaba ɗaya ba zai jure ba. Dare biyu a mako ya isa, a ce Litinin da Alhamis, daga idar da isha ya shigo gida. Yara su kwanta ko su koma ɗakinsu ƙarfe 9, wayoyin biyu su zauna a caji a falo, a dafa shayi a zauna minti 30. Sharaɗi guda ne: ba maganar kuɗi, ba ƙarar yara, ba ƙorafin dangi. Waɗannan a ba su nasu lokacin, ko da safiyar Juma'a. Zaman farko zai yi nauyi, har a rasa abin cewa, kuma a nan da yawa ke sarewa su ce ai mun girma da wannan. Shirun nan alama ce ta yadda aka daɗe ba a yi hira ba. A fara da abin da ke kusa: wane ne ya ba ka dariya yau a kasuwa, me kika fi kewa a gidanku, ka tuna gidan hayarmu na farko da ke yoyo? Yadda za a gane ana ci gaba shi ne ranar da ɗaya ya ji wani labari da rana ya ce a ransa sai na ba wa wance. Shi ma autan da ya kai shekara huɗu yana kwana tsakanin iyaye, lokacin komawarsa ɗakin yayye ya yi. Mai mata biyu kuwa, kowace a ranar girkinta take da wannan zaman, ba a haɗa su a falo a ce an yi hira.

Kuskure na biyu ya fi yawa a wajen maza, wato biyan bashin shekara da kyauta guda. Ana shiru wata goma sha ɗaya, sai a kawo leshi mai tsada da sallah. Za ta yi godiya, ta kuma ji daɗi, amma bayan kwana uku gidan ya koma yadda yake. Tsiren da aka riƙo mata ita kaɗai a daren Talata, ko kiran waya da azahar ba don a tambayi komai ba, sun fi leshin aiki, saboda suna nuna an tuna da ita a tsakiyar harkoki. Masu ganin wannan zubar da girma ne su duba abin da ya tabbata daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda: Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da ita ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Tseren na biyu ba a amarci aka yi shi ba.

Sai kwalliyar da ta koma ta fita kawai. Lalle, kitso, humra da atamfa mai kyau sai ranar biki, a gida kuwa zanin girki har dare. Wannan an sha faɗa wa mata har sun gaji da ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne maigidan da ke fesa turare in zai tafi ɗaurin aure, amma ya hau gado da zufar kasuwa da warin baki. Wanka da asuwaki kafin kwanciya na kowa ne.

Akwai kuma yadda ake neman gyaran. “Kai dai ba ka damu da ni ba” ko “Ke kin tsufa, aure zan ƙara” ba su taɓa jawo kowa kusa ba, kare kai suke haifarwa, sai a shiga lissafin wa ya fi wahala. A nemi abu guda da za a iya yi a daren: “Baban Khalifa, yau kar ka fita, ina son mu yi hira.” Barazanar kishiya, ko da wasa aka yi ta, tana sa mace ta fara tanadin kanta da 'ya'yanta maimakon ta saki jiki.

Na bar maganar shimfiɗa a ƙarshe don nan ne aka fi kashe kuɗi a banza, wani lokaci har a cutu. In sha'awa ta ragu, mace ta nufi mai kayan mata, namiji ya nufi mai maganin ƙarfin maza, ba wanda ya tambayi dalili. Namijin da ya haura 40 ya ga ƙarfinsa na raguwa, abin da ya kamata ya fara yi shi ne auna sukari da hawan jini, domin ciwon suga da matsalar jijiyoyin jini suna yawan fara bayyana ta nan. Wasu magungunan hawan jini ma suna rage ƙarfi, kuma likita na iya canza su, amma kada mutum ya daina sha da kansa. An sha gano sinadarin sildenafil, wato maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye cikin irin haɗin da ake sayarwa da sunan na gargajiya ne zalla, kuma ga mai shan maganin ciwon ƙirji irin nitiret yana iya faɗar da jini ƙasa har ya suma.

Ita kuma mace, tsakanin shekara 45 zuwa 55 yawanci al'ada ke ɗaukewa, sinadarin jikinta ya ragu, sai bushewa da zafi lokacin saduwa. Mai shayarwa ma takan ji haka. Tana gudun shimfiɗa saboda ciwo, shi kuma ya ɗauka ƙinsa take yi. Matsin da ake cusawa yakan ƙara bushewar, ya jawo ƙaiƙayi da rauni. Man santsi mai ruwa da ake samu a kemis yana magance da yawa, in zafin bai daina ba sai a ga likitar mata, kuma jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda ba a jinkirta kai shi asibiti. Abin da ya fi sauƙi shi ne su je awon tare, ita ta faɗi nata, shi ma a auna masa sukari da jini a zuwa guda.