Darasi na Bakwai: Idan Tsoka ta Lalace, Fitsari Ya Canza Launi

Ku buɗe littafinku. Kalmar da likitoci ke kiran wannan ciwo da ita doguwa ce, rabdomayolisis. Kada ta ba ku tsoro, ba sai kun haddace ta ba. Ma'anarta ita ce tsokar jiki ta farfashe, abin da ke cikinta ya zube cikin jini.

Abubuwan da ke jawo haka suna da yawa. Akwai gini ko mota su danne mutum, akwai mugun duka, da aikin ƙarfi fiye da kima cikin zafin rana. Farfaɗiya mai daɗewa tana jawowa, haka dafin wasu macizai da wasu magungunan rage kitsen jini.

Mu ɗauki misali. Mutum ne bango ya danne masa cinya awa 4. An ciro shi, ƙashi bai karye ba, kowa ya ce an auna arziki. Washegari cinyar ta kumbura, jiki ba ƙarfi, fitsarinsa kuma ya koma kamar baƙin shayi.

Nan ne kuke yawan faɗuwa, don haka mu tsaya. Fitsari ya yi duhu bayan tsoka ta sha wuya, a tafi asibiti. Ku karanta da ƙarfi. Madalla. A sake. Da na tambaye ku a aji abin da ya sa fitsarin mutumin nan ya yi duhu, rabinku kun ce shawara ce. Shawara tana sa ido ya yi ɗorawa. Wannan duhun kuwa wani sinadarin tsoka ne mai suna mayogulobin, wanda ke toshe ƙananan hanyoyin ƙoda har fitsari ya ragu ko ya tsaya. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Ba a kwana da shi a gida. Ku rubuta sau uku: duhun fitsari bayan ciwon tsoka, asibiti.

A asibiti za a ɗebi jini. A takardar sakamako ku nemi haruffa biyu, CK. Sinadari ne da ke zaune cikin tsoka. Idan ya ninka adadin mai lafiya sau 5, ana zargin ciwon. Yana fara hawa cikin awa 12, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana 1 zuwa 3, shi ya sa ake maimaita gwajin. Idan adadin CK a takardar ya wuce 5,000, haɗarin ƙoda ya ƙaru. Ana duba fotasiyam ma, wani gishiri da ke cikin jini, domin yawansa na iya tsayar da zuciya.

Maganin farko ƙarin ruwa ne ta jijiya, da wuri, leda bayan leda. Ana auna fitsari, ana son babba ya fitar da mililita 200 zuwa 300 a awa. Idan ruwa na shiga ba ya fita, sai ya taru a huhu, dole a rage, wani lokaci a yi wankin ƙoda. Kada a ba mara lafiyan maganin ciwo irin ibufurofen ko dikulofenak, suna ƙara wa ƙoda wahala.

Aiki: ku rubuta launin fitsarin mutumin nan, da inda za a kai shi.