Darasi na Bakwai: Ƙullutu Mai Laushi a Ƙarƙashin Fata

Sau da yawa wajen wanka ake gano shi, ko kuma wani na kusa ya ce, "Mene ne wannan a bayanka?" Ƙullutu ne a ƙarƙashin fata, ba ya ciwo, ba ya zafi, in ka taɓa shi sai ya gusa. Yawancin irinsa ba ciwon daji ba ne, kuma mutum kan yi shekara da shekaru da shi lafiya ƙalau. Abin da ya fi kai masu shi asibiti cikin wahala shi ne abin da hannu ya yi masa, wato matsa, ko tsira allura, ko tsaga. Wannan darasi zai nuna muku abin da ke cikin ƙullutun, domin wanda ya san abin da ke ciki ba zai matsa ba.

Iri biyu da aka fi gani

Na farko ƙullutun kitse ne, wanda likitoci ke kira laifoma. Ƙwayoyin kitse ne suka taru wuri guda, wata yana marar kauri ta lulluɓe su. Ya fi fitowa a kafaɗa, da baya, da ƙeya, da damtse, da cinya, da ciki, kuma an fi ganinsa ga masu shekara 40 zuwa 60. Yana da laushi. In ka danna gefensa da yatsa sai ya zame, fatar da ke samansa kuma lafiyayya ce, kana iya tsunkule ta ka ɗaga ba tare da ƙullutun ya biyo ba. Girmansa a hankali yake, sai an shekara kafin a ga bambanci. Siriri ma yana samunsa, kuma rage ƙiba ba ya tafiyar da shi. A wasu gidajen gado ne, za ka ga uba da ɗa kowa da nasa, wani ma fiye da ɗaya.

Na biyu jakar fata ce. Ƙwayoyin da ya kamata su zauna a saman fata ne suka shige ciki, suka yi 'yar jaka. A saman jiki matacciyar fata kan zube ba mu sani ba. A cikin jakar kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta yi ta taruwa, ta zama wani abu fari ko rawaya mai kauri da wari. Wannan ya fi son fuska, da bayan kunne, da wuya, da ƙirji, da baya, akwai kuma irinsa da ke fitowa a fatar kai. Ya fi ƙullutun kitse ɗan tauri da zagaye. Yana manne da fata, saboda haka tare suke motsi. Sau da yawa in an duba da kyau a wuri mai haske za a ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsa, bakin jakar ke nan.

Kada a haɗa su da maruru. Maruru kan taso cikin 'yan kwanaki da zafi da zogi, ya nuna ya fashe. Waɗannan biyun kuwa shiru suke zaune wata da watanni.

Abin da matsa ke yi

Ƙullutun kitse ba shi da baki, ba shi da ruwa. Nama ne mai rai, da ƙananan hanyoyin jini a cikinsa. Ko ka kwana kana matsa shi babu abin da zai fito, sai dai jini ya kwanta a wurin, ya kumbura, ya fara ciwon da da ba ya yi. Man zafi da tausa da ruwan zafi ba sa narkar da shi, haka ma maganin sha.

Jakar fata ita ce mai yaudara, domin in an matsa wani abu kan fito, mutum ya ga kamar ya yi aiki. Ku ɗauki misalin ledar kunu mai kauri da aka huda da tsinin allura. In ka damƙe ta da ƙarfi, kaɗan ne zai bi ta hudar, sai ledar ta fashe ta gefen da ya fi rauni. Haka jakar take yi, sai dai ita cikin nama take fashewa, inda ido ba ya gani. Abin da ke cikinta ya watsu a ƙarƙashin fata, jiki kuma ya ɗauke shi baƙon abu ya tasar masa. Cikin kwana ɗaya ko biyu wurin zai kumbura, ya yi zafi, ya yi zogi. A fata mai haske ja yake yi, a baƙar fata kuwa sai ya ƙara duhu yana sheƙi. In farce ko allura sun shigar da ƙwayoyin cuta, sai mugunya ta taru.

Ko da ba ta fashe ba, an yi sa'a ta motse, bangon jakar yana nan, kuma shi ne ke samar da abin da ke ciki. Bayan 'yan makonni ko watanni za ta sake cika.

Akwai wata asarar da mutane ba sa lura da ita. Jakar da ba a taɓa matsawa ba, likita kan ɓare ta daga nama ya fito da ita ɗungurungum ta 'yar ƙaramar tsaga. Wadda ta sha matsa da kumburi kuwa bangonta ya riga ya manne da nama ya yayyage. Dole a faɗaɗa yankan, kuma in ɗan guntun bango ya rage sai ta dawo. Ga kuma tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, wanda ke wuce iyakar ciwon yana ƙaiƙayi, musamman a ƙirji da kafaɗa da kunne da haɓa. Irin wannan tabo ya fi ƙullutun da aka so a kawar wuyar magani.

Tsaga da aska ko reza a gida, ko kafa ƙaho a kan ƙullutu, ya fi matsa haɗari. Ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi ba a dafa ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau, toka ko ƙasa a kan ciwo kuma na iya jawo cutar sarƙe haƙora. Bayan haka, wanda ya yanka bai san abin da ya yanka ba. Kumburin matsematsi ko cibiya da ke komawa ciki in an kwanta, ya fito in an yi tari, yana iya zama ƙaba, kuma hanji ne a cikinsa.

Misali

A ce wani magidanci yana da ƙullutu a bayan kafaɗa, faɗinsa santimita 2, shekara uku ba ya damunsa. Ranar Juma'a ƙaninsa ya hango baƙin ɗigon ya ce, "Yaya, ai ya nuna, bari in matse maka." Ya matsa da manyan yatsu biyu, wani farin abu mai wari ya fito kaɗan. Ranar Lahadi wurin ya ninka girma, riga ma ba ya so ta taɓa shi. Ranar Talata ga zazzaɓi.

A asibiti ba za a cire jakar ran nan ba, domin nama mai kumburi ba ya ɗinkuwa da kyau, allurar kashe zafi ma ba ta kama shi sosai. Za a tsaga a fitar da mugunyar, a wanke, a bar ciwon a buɗe yana zuwa ana canza masa bandeji. In kumburin ya bazu ko da zazzaɓi, a haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai a ce ya dawo bayan mako huɗu zuwa shida, in wurin ya lafa, a cire abin da ya rage na jakar. Aiki ya zama biyu, kuɗi ya zama biyu.

Da ya je tun ƙullutun yana kwance, da allura ce a gefensa, a yi yanka ƙarami, a ɓare jakar, a ɗinke, ya koma gida ran nan. Aikin ba kasafai yake wuce minti 30 zuwa 45 ba. Zaren ɗinki na fuska akan cire shi bayan kwana 5 zuwa 7, na baya kuwa bayan kwana 10 zuwa 14. Da ma ya zaɓi ya bar shi, tunda ba ya ciwo kuma ma'aikacin lafiya ya duba, babu laifi.

Yadda za a lura da shi a gida

A fara da nuna wa ma'aikacin lafiya sau ɗaya, ko da ba ya ciwo. Yawanci taɓawa kaɗai ta ishe shi ya gane, in yana shakka ya tura a yi hoton sikanin. Daga nan sai lura. Ku auna faɗin ƙullutun da zare, ku ɗora zaren a kan tef ɗin tela, ku rubuta santimita nawa ne da kwanan wata a littafinku. Sau ɗaya a wata ya isa. Yawan lalubawa kullum ba ya ƙara komai sai fama wurin. In babu tef, tsawon kwalin ashana ya kai kimanin santimita 5, kuma wannan ita ce iyakar da likitoci ke lura da ita.

In jakar ta fara ɗan ciwo da kanta, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, a ɗora minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, ba tare da dannawa ba. In ta fashe da kanta, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a je asibiti. Kada a sayi kafso a kemis a barbaɗa a kai.

Lokacin da ba a jira

A je asibiti cikin makon nan in ƙullutu ya fi kwalin ashana girma, ko yana ƙaruwa ana gani cikin makonni, ko ya yi tauri, ko ya kafe ba ya motsi, ko yana can ciki cikin tsoka, ko ya dawo bayan an cire shi. Akwai wani ciwon daji na nama da kan fara kamar ƙullutun kitse, ba ya ciwo. Ba a cika samunsa ba, amma waɗannan alamun ne ke tona shi, kuma shi ya sa ake kai abin da aka cire ɗakin gwaji.

Ƙullutun nono, ga mace ko namiji, da na ɗan maraina, ba sa cikin wannan darasi ko da suna motsi, duka sai an duba. Haka kaluluwar wuya ko hammata da ta wuce mako biyu zuwa uku, balle in da tari da rama da zufar dare, domin tarin fuka kan fito ta nan. Ƙullutun da aka haifi jariri da shi a tsakiyar kai, ko gindin hanci, ko tsakiyar baya, kada kowa ya taɓa shi sai likita, don yana iya haɗe da ƙwaƙwalwa ko laka.

A je ran nan in akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburin yana bazuwa. Mai ciwon suga kada ya jira zazzaɓi, da ya ga wurin ya canza ya tafi, domin a jikinsa ciwo kan yi nisa kafin ya ji zafinsa.

Aikin aji

1. Faɗi hanya biyu da za ka bambanta ƙullutun kitse da jakar fata.
2. Ina abin da ke cikin jaka yake tafiya in an matsa ta da ƙarfi?
3. Auna kwalin ashana da tef, ka rubuta tsawonsa a littafinka.
4. Wata mata tana da ƙullutu a cinya, a watan Janairu santimita 3, a watan Maris santimita 6, ba ya ciwo. Me za ki ce mata?