Darasi na Tara: Mayar da Inci Zuwa Milimita a Tsohon Zane

Tsofaffin zane-zanen injuna, musamman na injunan da aka ƙera a Ingila ko Amurka, da inci aka rubuta awonsu. Idan ka ga 3" a jikin zane, inci uku ake nufi. Idan kuma 2'-6" ne, ƙafa biyu ke nan da inci shida, wato inci 30, domin ƙafa ɗaya inci 12 ce.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, babu ragi babu ƙari. A kan haka ƙasashe masu amfani da inci suka daidaita tun shekarar 1959. Wasu kan ce 25 don lissafi ya yi sauƙi, amma wannan sauƙin yana da tsada. Farantin ƙarfe mai inci 48 milimita 1219.2 ne. Wanda ya ninka da 25 zai sami 1200, ya yanka ƙarfensa da gibin kusan milimita 20.

Yawancin awon tsohon zane da ɓari yake zuwa, kamar 1 5/16". Fara da ɓarin: raba na sama da na ƙasa. 5 a raba da 16 ya ba da 0.3125. Haɗa shi da cikakken incin, ya zama 1.3125. Sai ka ninka:

```
1.3125 × 25.4 = 33.3375
```

Kalkuleta ta ba ka lambobi huɗu bayan ɗigo. Nawa za ka rubuta wa mai aiki? Amsar tana ga wanda ya yi zanen da kuma ma'aunin da ke hannunka. Wanda ya rubuta awo da ɓarin kashi 16 bai nemi daidaiton da ya fi ƙarfin ido ba, domin 1/16 na inci ya ɗan haura milimita ɗaya da rabi. Lamba ɗaya bayan ɗigo ta wadatar, ka rubuta 33.3. Kafinta ko mai walda da ke aiki da tef, wanda layukansa milimita ɗai-ɗai ne, 33 zai iya gani. Rubuta masa 33.3375 ɓata takarda ne, kuma yana iya sa mai juya ƙarfe ya zaci aikin na buƙatar tsananin daidaito, ya caje ka kuɗin da bai kamata ba.

Idan awon ya zo da ɗigo tun asali, ƙa'idar mai sauƙi ce: rage lamba ɗaya. Inci mai lambobi uku bayan ɗigo, milimitarsa ta tsaya a biyu. Dalili shi ne 0.001 na inci milimita 0.0254 ne, wato lamba ta uku a inci tana kusa da lamba ta biyu a milimita.

Ɗauki sandar ƙarfe da boris zai hau kanta. Zane ya ce kaurinta kada ya wuce 1.250", kada ya gaza 1.249". Ninka kowace iyaka daban. Ta sama 31.75 ce daidai. Ta ƙasa ta ba da 31.7246. Bisa ƙa'idar makaranta 31.72 za a rubuta, sai dai wannan ya faɗa ƙasa da abin da zanen ya yarda, kuma sandar tana iya yin rawa a cikin boris. Don haka a nan cikin iyaka ake karkata: 31.73, ko 31.725 idan ma'auninka na iya karanta hakan. Wanda kuwa ya ce ai 31.75 kusan 32 ne, boris ba zai shiga sandarsa ba ko da guduma.

Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne wajen jera huda. A ce faranti yana da huda tara a jere, tsakanin kowace biyu 1 5/16". Tazara takwas ke nan. Idan ka datse zuwa 33 kana aunawa daga huda zuwa huda, ta ƙarshe za ta faɗa a milimita 264. Gaskiyar tsawon kuwa inci 10.5 ne, wato 266.7. Alamar wannan kuskure a bayyane take: ƙusoshin farko suna shiga lafiya, na tsakiya da ƙyar, na ƙarshe su ƙi sam. Maganinsa, ka haɗa awon tun yana inci, ka ninka, ka datse sau ɗaya tak a ƙarshe, sannan ka auna kowace huda daga ta farko.

Sunan bututu da na zaren ƙusa ba a mayar da su. Bututun ƙarfe na ruwa da ake kira rabin inci, kaurinsa ta waje kusan milimita 21.3 ne, ba 12.7 ba. Bar su yadda aka rubuta.

Aikin gwaji: mayar da 3/8", da 2'-6", da 0.875" zuwa milimita. Da fensir ka rubuta amsarka kusa da tsohon awon, kada ka goge shi. Amsoshi: 9.5, da 762, da 22.23.