Allon hotunan ayyukan yaro: inda iyaye ke ɓata shi da hannunsu

Akwai yaron da barin abu ɗaya zuwa wani shi ne babban tashin hankalinsa. A ce ya ajiye waya ya zo wanka, sai kuka da birgima, in an gama wankan kuma fitar da shi daga bayi wani yaƙin ne. An fi ganin haka ga masu lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, da masu jinkirin magana, domin magana tana wucewa da zarar an faɗe ta, hoto kuwa yana nan yaro ya koma ya sake dubawa. Shi ya sa ake jera hotunan ayyukan yini a allo. Amma sau da yawa kafin sati biyu an jefa allon bayan kwaba ana cewa bai yi aiki ba, alhali kurakuran ba sa canzawa daga gida zuwa gida.

Na farko cika allo. Za ka ga hoto goma sha biyar tun daga Asuba har kwanciya, kamar jadawalin jarrabawa. A fara da hoto biyu kawai, na yanzu da na gaba. Idan yaro ya yi kwana huɗu ko biyar yana bi, a ƙara zuwa huɗu, sannan shida. Kuma a zaɓi sashe ɗaya na yini, wanda aka fi shan wahala a cikinsa.

Sai irin hoton da ake sawa. Yaron da ke wanka da bokiti da kofi a Ɗorayi ko Kurna, me zai gane a zanen bahon Turawa da aka sauko da shi daga intanet? A ɗauki hoton bokitinsa da waya, a jikin bango marar tarkace, abu ɗaya a hoto ɗaya. A buga shi kamar santimita 8 kowane gefe, a yi masa laminatin a shagon buga takardu, ko a liƙa a kwali a naɗe da faffaɗan salatif. Kafin a kashe kuɗi a gwada shi tukuna: a ajiye hoto biyu, a nuna masa soso na gaske, a ga ko zai ɗauko hoton da ya dace. Idan ya kasa bayan gwaji da yawa, bai kai matakin hoto ba, sai a rataya ainihin kayan: soso don wanka, cokali don abinci, safa don fita. Hoton abinci kuma, ni na fi son a ɗauki faranti da cokali babu komai a ciki, don wanda ya ga shinkafa a hoto aka kawo masa tuwo yana da hujjar yin bore.

Kuskuren da ya fi kashe allo shi ne uwa ta riƙe aikin a bakinta da hannunta. Tana tsaye a ƙofar kicin tana cewa: "Ka duba allonka, ba ka ga wanka ba ne? Na ce ka duba!" Haba, to mene ne amfanin hoton? An koma surutun da tun farko ya gagare shi, an ƙara masa da kwali. Hannun yaro ne zai cire katin, ba naki ba. Ki je bayansa, ki faɗi kalma biyu, "duba allo", ki kama hannunsa a hankali ya cire katin da aka gama, ya jefa a gwangwanin "an gama" da ke ƙasan allon, ya taɓa na gaba, ku tafi. Jefa katin nan shi ke gaya masa abin ya ƙare, don ya gani da idonsa ya ɓace. Bayan kwanaki ki mayar da taimakon zuwa taɓa gwiwar hannu, daga nan nuni da yatsa, daga nan shiru. Wannan ne dalilin da allon da aka liƙe hotunansa da gam ba ya amfani. A yi amfani da abin mannewar nan na takalmin yara da ake samu wurin masu kayan ɗinki, ko igiya da abin maƙale shanya. A kafa shi daidai idon yaro, ba can sama kusa da kalanda don gudun kada ya taɓa ba. Ai don ya taɓa aka yi.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara biyar da ke dawowa daga boko wajen ƙarfe ɗaya da rabi, yana da Islamiyya bayan La'asar. Yawanci jerin da ake yi shi ne cire yunifom, abinci, waya, Islamiyya, sannan a yi ta mamakin rigimar ƙarfe huɗu. An ɗauke shi daga abin da ya fi so kai tsaye zuwa wanda ya fi masa nauyi. A gyara jerin: cire yunifom, abinci, waya, biskit a tsakar gida, sa kayan Islamiyya, adaidaita sahu. Barin waya don biskit ya fi sauƙin haɗiya, daga biskit zuwa sa kaya kuma tazarar kaɗan ce. Saura minti biyar a nuna masa katin biskit, saura minti ɗaya a sake nunawa, sai ƙararrawa ta buga. Yaron da bai san agogo ba, kiran sallar masallacin unguwa ya fi masa lamba, ko da yake lokacinsa yana ɗan matsawa a cikin shekara. A kwanakin farko kukan na iya ƙaruwa, yana gwada ko allon da gaske yake. Idan aka mayar masa da wayar a ranar, an koya masa cewa kuka yana goge kati.

Akwai wani babban kuskure da ya fi ba ni haushi, wato sa allo ya yi ƙarya. An sa hoton gidan Hajiya don a samu ya yi wanka, alhali babu niyyar zuwa. Ko ya yi rashin ji, uba ya fizge katin wasa ya ce ya janye. Malam, allon nan ba bulala ba ne. Duk ƙarfinsa a kan abu ɗaya yake: abin da ke jiki yana faruwa. Yaron da aka yaudara sau biyu ko uku zai daina kallonsa, kuma dawo da yardarsa ya fi fara sabo wuya. In za a yi horo a nemi wata hanya, kada a taɓa katin.

To idan shirin ya rushe ba da gangan ba fa? An sa katin talabijin sai aka ɗauke wuta, ko ruwan Agusta ya hana fita. Don haka ake tanadar katin canji, mai launi daban, misali ja. A ɗora shi kan katin da ya faɗi a gaban yaron, a sa madadinsa nan take. Kada ranar farko da zai ga jan katin ta zama ranar baƙin ciki. A fara gwada shi da canji mai daɗi, kamar a cire shara a sa wasan ruwa, sau da yawa, kafin ranar da za a buƙace shi da gaske. Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ba sa zama, a cire katin tun wajen jerawa, yaron yana kallo.

Sauran ƙanana ne. A buga kowane hoto biyu, don kati zai ɓata ko ƙani ya tauna shi. Yayye da 'yar aiki da kaka su faɗi kalmomin da uwa ke faɗa, kada kowa ya zo da nasa. Kada a ajiye allon don an ga sati uku lafiya, lafiyar daga allon take. Idan kuma ana bin duk wannan wata guda amma yaron yana buga kansa a bango ko cizon jikinsa a kowane sauyi, a kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba shi, har da jin kunnensa, a tafi da allon da rubutun lokutan da rigimar ta fi tashi.