Yadda Ake Zaɓen Takalmin Kariya Domin Aikin Gini

Kafin mutum ya ɗauki kowane takalmi ya juya shi a hannu, ya kamata ya fara tuna irin ƙasar da yake takawa a wurin aikinsa. Bari mu ɗauki misalin ma'aikacin da ke kwance katakon da aka zuba kankare a ciki: yana tafiya a kan katakai masu ƙusoshi a tsaye, yana ɗaukar bulo da rodi, yana hawa tsani sau da yawa a yini, kuma idan an yi ruwa filin yakan koma taɓo. Da wannan ma'aikaci za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko shi ne duba hular da ke rufe yatsu, kuma ba a gane ingancinta ta hanyar danna gaban takalmin da babban yatsa, domin akwai takalma masu taurin gaba da ba a taɓa gwada su ba. Abin da za a yi shi ne a ɗaga harshen takalmin a karanta tambarin da ke ciki. Idan an rubuta EN ISO 20345, ma'anarsa an gwada hular da bugu mai ƙarfin jul 200, wato kimanin abin da kaya mai nauyin kilo 20 zai yi idan ya faɗo daga tsawon mita ɗaya, an kuma gwada ta da matsi na kimanin tan ɗaya da rabi. Takalman da aka yi bisa ma'aunin Amurka suna ɗauke da ASTM F2413. A kula da lamba mai kama da ta farko, wato EN ISO 20347, domin wannan ma'auni na takalman aiki ne da ba a wajabta musu hular kariya ba, kuma bambancin lamba ɗaya tak yana iya ruɗar mai saye.

Hular kan zama ta ƙarfe, ko ta alminiyon, ko ta haɗin roba mai tauri da zare. Dukkansu gwaji ɗaya suke wucewa, saboda haka bambancinsu yana wajen jin daɗin sawa ne. Ta ƙarfe ta fi nauyi kuma tana ɗaukar zafi da sanyi, amma siririya ce. Ta haɗi ba ta da nauyi sosai, sai dai ta fi kauri, kuma idan abu mai nauyi ya faɗa mata tana iya tsagewa ta ciki alhali waje bai nuna komai ba. Kowace iri ce, takalmin da ya sha babban bugu sau ɗaya ya gama aikinsa, a canza shi.

A kan wannan tambari ne kuma ake ganin ajin takalmin. SB yana nufin hula da mafi ƙarancin sharuɗɗa kawai, wanda bai wadatar da ma'aikacinmu ba, tunda ƙusa daga ƙasa take shigowa. S1P yana da faranti a cikin tafin takalmin da ke hana ƙusa hudawa, amma ya fi dacewa da busasshen wuri. S3 ya haɗa farantin, da fatar da ba ta saurin shan ruwa, da tafi mai haƙora, shi ya sa a ganina shi ne ya dace da yawancin aikin gini na waje. Wanda kuwa zai tsaya a cikin ɗanyen kankare yana buƙatar dogon takalmin roba mai alamar S5, domin ɗanyen siminti yana ƙona fata idan ya shiga takalmi ya daɗe a ciki.

Mataki na biyu shi ne a kifa takalmin a dubi tafinsa. A tambarin takalman da aka yi bisa ma'aunin 2011, SRA na nufin an gwada shi a kan tayil mai ruwan sabulu, SRB a kan ƙarfe mai maiƙo, SRC kuma ya wuce duka biyun. A ma'aunin 2022 ana ganin SR ne. Amma waɗannan gwaje-gwaje a kan shimfiɗaɗɗen daɓe ake yin su, ba su faɗin yadda takalmin zai yi a cikin laka. A laka, abin da ke riƙe mutum shi ne haƙora masu zurfi da ke da tazara a tsakaninsu, yadda taɓo zai riƙa fita da kansa yayin tafiya. Tafi mai ƙananan zane a matse yana da kyau a kan daɓen da aka goge, amma da zarar laka ta cike zanen sai ya zama sumul kamar ba shi da komai. Saboda tsani kuma, a nemi takalmin da dunduniyarsa ta fito sosai ta bar gurbi a tsakiyar tafin, domin a nan ne matakalar tsani ke maƙalewa. Sabon ma'auni yana nuna wannan da alamar LG. Mai aiki kusa da kwalta mai zafi ya nemi HRO, wato tafin da aka gwada a zafin digiri 300 na tsawon minti ɗaya.

Mataki na uku, wanda nake ganin an fi yin sakaci da shi, shi ne gwada takalmin a ƙafa. Fata tana saki bayan kwanaki, amma hular yatsu ba ta buɗewa ko kaɗan, don haka duk wanda ya ce a saya a haka zai saki daga baya, maganarsa ba ta shafi gaban takalmin ba. A yi gwajin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura bayan tsayuwar yini, a kuma sa irin safar da za a yi aiki da ita. A sa ƙafa biyu, a ɗaure igiya har sama, sannan a zaɓi lamba bisa ƙafar da ta fi girma, domin yawancin mutane ƙafafunsu ba daidai suke ba.

Tunda ba a iya taɓa yatsa ta saman hular, hanya mai sauƙi ita ce a zare shimfiɗar cikin takalmin idan tana fita, a taka ta a tsaye, a ga ko akwai sarari na santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a gaban yatsan da ya fi tsawo. Bayan haka a durƙusa kamar mai ɗaure rodi a ƙasa. Idan bakin hular ya danne bayan yatsu, ko ƙaramin yatsa yana gogar gefenta, to wannan wurin ne zai zama bororo kafin mako ya ƙare. A nan kuskuren da aka saba yi shi ne ƙara lamba ɗaya ko biyu. Yin haka yana sa ƙafa ta riƙa zamewa gaba tana karo da hular, dunduniya tana ɗagawa a kowane taku, kuma mutum yana saurin tuntuɓe a kan tsani. Matsalar faɗi ce, kuma maganinta shi ne a nemi samfuri mai faɗin gaba a lamba ɗaya, ko a koma wani kamfani da sifar takalminsa ta dace da ƙafar.

A ƙarshe a yi tafiya ta 'yan mintuna, a hau matakala a sauko. Idan dunduniya ta zauna daram, idon sawu yana riƙe ba tare da gefen takalmin ya ci fata ba, yatsu kuma suna motsi a cikin hular, an samu wanda ya dace. Ranakun farko a sa shi na 'yan sa'o'i kafin a shiga cikakken yini da shi, sannan a riƙa duba tafin lokaci zuwa lokaci: idan haƙoran sun cinye, ko hular ta fara leƙowa ta cikin fata, lokacin canji ya yi ko da sauran takalmin yana da kyan gani.