Riba a takarda, asusu wayam: kurakuran da aka fi yi wajen lissafin jarin juyawa

Kamfani yana iya rufe shekara da riba mai kyau, amma ƙarshen wata ya zo a rasa abin biyan albashi. Idan haka ta faru, sau da yawa ana fara zargin sata ko kuskuren akanta, alhali kuɗin suna nan, sai dai sun zama haja a sito da bashi a hannun kwastomomi. Jarin juyawa shi ne kuɗin da ke kewayawa daga sayen haja zuwa sayar da ita, har kuɗin su dawo asusu, kuma tsawon wannan kewayen ne yake nuna ko kamfani zai iya biyan abin da ke kansa a kan lokaci.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar riba a matsayin kuɗin hannu. A ƙa'idar lissafin kamfanoni, ana rubuta ciniki ne a lokacin da aka miƙa kaya, ko da mai saye bai biya ko sisi ba, sannan hajar da aka saya ba ta shiga lissafin abin da aka kashe sai ranar da aka sayar da ita. Saboda haka kamfani yana iya zuba kuɗi masu yawa a sito ba tare da ribarsa ta ragu a takarda ba. Gyaran shi ne a auna kewayen da kwanaki: a haɗa kwanakin da haja ke yi a sito da kwanakin da kwastomomi ke ɗauka kafin su biya, sannan a cire kwanakin da masu kawo kaya suke ɗaga wa kamfani ƙafa. Abin da ya rage shi ne tsawon lokacin da kamfani ke ɗaukar nauyin cinikin da aljihunsa.

A ɗauki misalin kamfanin sari da ke cinikin miliyan 120 a shekara. Hajar da ya sayar ta ci masa miliyan 90, sauran ɗawainiya miliyan 18, riba miliyan 12. Don sauƙin lissafi a ɗauki shekara kwana 360. Haja tana yin kwana 60 a sito, wato kullum akwai ta miliyan 15 a ajiye. Kwastomomi suna biya bayan kwana 45, wato kullum yana bin bashin miliyan 15. Shi kuma yana biyan masu kawo masa kaya bayan kwana 30, wato ana bin sa miliyan 7.5. Kewayensa kwana 75 ne, kuɗin da suka kwanta a cikinsa kuwa miliyan 22.5.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne karya jari, shi ne zaton cewa ƙarin ciniki zai magance ƙarancin kuɗi. A ce a shekara ta gaba kamfanin ya samu manyan kwastomomi, ciniki ya tashi zuwa miliyan 180, amma sharaɗin da aka jawo su da shi ya sa kwanakin biya suka koma 75. Riba ta zama miliyan 18, kowa yana murna. To amma hajar da ake buƙata a sito ta koma miliyan 22.5, bashin da ake bi ya kai miliyan 37.5, na masu kawo kaya kuma miliyan 11.25 kawai. Abin da ya kwanta yanzu miliyan 48.75 ne, wato ya ƙaru da miliyan 26.25. Ribar shekarar gaba ɗaya ba ta rufe wannan ba, akwai giɓin miliyan 8.25, kuma ba a kai ga haraji ba, ba a biya uwar kuɗin wani rance ba, masu hannun jari ba su ɗauki kasonsu ba.

Abin lura a nan shi ne, da an bar kwanakin biya a 45, ƙarin da zai kwanta miliyan 11.25 ne, riba za ta iya ɗaukarsa har a samu rara. Kwana 30 ɗin da aka ƙara, wanda wataƙila mai tallan kamfanin ya amince da shi a baki don kada ciniki ya kuɓuce, shi kaɗai ya haɗiye miliyan 15. Don haka kafin a karɓi babbar oda, a lissafa nawa za ta kwantar, har tsawon wane lokaci, kuma daga ina kuɗin za su fito. Idan babu amsa, a nemi kafin alƙalami, ko a rarraba kai kayan kashi-kashi ana biya, ko a shirya rancen tun kafin a sa hannu.

Akwai kuma dogaro da matsakaicin adadi. Kwana 45 na iya nufin kowa yana biya a kan kari, yana kuma iya nufin yawanci suna biya cikin kwana 20 yayin da mutum biyu suka riƙe kuɗi wata biyar. Maganin shi ne a jera basussuka gwargwadon daɗewarsu, na ƙasa da kwana 30, na 30 zuwa 60, na 60 zuwa 90, da waɗanda suka haura haka, a riƙa duba jerin kowane mako. Haka ma sito: hajar da ta yi kwantai tana nan a littafi da cikakken farashinta, tana ƙawata lissafi, amma ba za ta biya albashi ba. Karyar da ita a karɓi kuɗi yakan fi jiran farashin da ba zai zo ba.

Idan matsi ya zo, abin da aka fi saurin yi shi ne jinkirta biyan masu kawo kaya. Neman ƙarin wa'adi ta hanyar yarjejeniya dabara ce mai kyau, amma yin shiru har wa'adi ya wuce yakan sa a koma sayar wa kamfani kuɗi hannu, kewayen ya ƙara tsawo. Jinkirin ma yana da tsadarsa. Idan mai kawo kaya yana ba da ragin kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 10 maimakon 30, barin wannan ragin daidai yake da cin bashin kwana 20 a kan ruwan da ya kusa kashi 37 cikin ɗari a shekara. Sai a gwada da abin da banki zai caza kafin a yanke shawara.

Kayan aikin da ke fallasa duk waɗannan shi ne hasashen shige da ficen kuɗi na mako 13. Ana rubuta kuɗin da ake da su yau, sannan mako-mako a sa abin da zai shigo bisa ranar da kwastoma ya saba biya, ba ranar da ke kan takardar ciniki ba, a cire albashi, haya, haraji, biyan haja da na rance. Makon da lissafin ya faɗa ƙasa da sifili shi ne makon da asusu zai ƙafe. Wanda ya hango shi saura mako takwas yana da damar rage odar haja, ya matsa wa manyan masu riƙe da kuɗinsa, ya kuma zauna da banki tun bai shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba.